Yadda Ake Raba Karo-karon Kyautar Ritaya Idan Albashin 'Yan Ofis Ba Ɗaya Ba Ne

Karo na farko da aka ɗora mini tara kuɗin kyautar ritaya a ofishinmu da ke cikin garin Kaduna, na bi hanyar da na tarar ana bi. Aka ce muna buƙatar naira 120,000, mu kuma mutum 24 ne, sai aka raba: kowa ya kawo naira 5,000. Na rubuta sunaye a zauren WhatsApp na ofis, duk wanda ya biya in sa masa alama a gaban sunansa. A kwana na tara sunan da ya rage babu alama shi ne na wata dattijuwa mai share mana ofis. Da safiyar kwana na goma ta same ni kafin kowa ya iso, ta kwance bakin zaninta, ta ƙirgo mini kuɗin 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari bibbiyu, wasu ma sun sha hannu har sun yi laushi. Ta ce, "Ga shi ɗana, ka sa mini alamar nan, kada a ce ni ce na ƙi." Sai daga baya na ji cewa kuɗin motarta ne na sauran watan, kuma daga ranar tana tako wani ɓangare na hanyar Rigasa da ƙafa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Tun daga lokacin na daina yarda da rabon "kowa daidai", kuma tsarin da zan bayyana a nan shi ne wanda muka koma bi.

Rabon daidai yana da farin jini saboda sauƙin lissafi, kuma a ido kamar adalci ne. Amma a duba nauyinsa a kan aljihu. Wanda ke karɓar naira 75,000 a wata, in ya ba da 5,000 ya ba da kusan kashi 7 cikin ɗari na albashinsa. Darakta mai karɓar 360,000 kuwa bai kai kashi 1 da rabi ba. Ke nan kayan da aka ɗora wa ƙaramin ma'aikaci ya ninka na babba kusan sau biyar. Yatsun hannu ba tsawonsu ɗaya ba, kuma a aikin gwamnati tazarar a rubuce take, daga mataki na 01 har zuwa na 17. Ko da aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a shekarar 2024, Jihar Kaduna kuma ta sanar da 72,000, wanda ke ƙasan nan duk kuɗinsa a abinci da mota da haya yake ƙarewa.

Da farko, kada a fara da kyautar

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa tun a zaman farko. Wani babba ya ce, "Ai ya kamata mu saya masa firji," kowa ya gyaɗa kai domin ba mai son ya zama shi ya rage wa dattijo daraja, sai a koma neman yadda za a tatso kuɗin firji daga jikin mutane. A juya tsarin. A fara gano abin da jama'a za su iya bayarwa ba tare da wani ya ci bashi ba, sannan abin da ya taru shi zai faɗi kyautar da za a saya.

Lokaci kuma yana nan isasshe in an so. Ritaya ba ta zuwa ba zato: a aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ce ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Mai ritaya yakan ba da sanarwa wata uku kafin ranar. Daga ranar da takardarsa ta shiga, kwamiti ya zauna.

Kwamitin mutum uku ya isa, amma yadda aka zaɓe su shi ne komai. Ɗaya daga cikin manya, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙananan ma'aikata, direba ko masinja ko mai gadi, wanda 'yan uwansa ke sakin jiki su faɗa masa gaskiya. Ma'aji kada ya zama shugaban ofis, kada kuma ya zama wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girman mutane. Idan mai cike maka takardar auna aiki ta shekara shi ne ya miƙo maka hannu ya ce kawo, ba gudummawa ba ce kuma, haraji ne. A ofis irin namu da ke da Musulmi da Kirista, maza da mata, a tabbata kwamitin bai zama na ɓangare ɗaya ba.

Kasa mutane rukuni-rukuni

Kada a tambayi kowa takardar albashinsa. A cikinta akwai bashin banki, akwai cirar ƙungiyar adashin ma'aikata, akwai abubuwan da mutum ko matarsa bai nuna wa ba. Matakin albashi kuwa kowa ya san na kowa, yana cikin jerin sunayen ma'aikata. Da shi za a yi aiki. Abin da ake buƙata shi ne kimanin kuɗin da ke shiga hannun mai matsakaicin matsayi a kowane rukuni bayan an cire haraji da kuɗin fansho da sauransu, kuma akawun ofis zai iya ba da wannan ba tare da ya ambaci sunan kowa ba.

Ga yadda namu ya kasance lokacin da mai kula da sito, wanda duk muke kira Baba, zai ajiye aiki. Na daidaita alƙaluman ne domin lissafi ya fito sarai, kowane ofis sai ya sa nasa:

- Rukuni na ɗaya, mataki na 03 zuwa 06: mutum 8, kimanin naira 75,000.
- Rukuni na biyu, mataki na 07 zuwa 10: mutum 9, kimanin naira 120,000.
- Rukuni na uku, mataki na 12 zuwa 14: mutum 5, kimanin naira 210,000.
- Rukuni na huɗu, mataki na 15 da 16: mutum 2, kimanin naira 360,000.

Rukuni huɗu ya wadatar. In aka yi biyu kacal, wanda ke ƙasan rukunin sama zai ji an zalunce shi. In aka yi bakwai ko takwas, sai a shiga gardamar naira ɗari biyu.

A kamfani mai zaman kansa, inda ba a san albashin juna ba, sai a rubuta iyakokin rukunin kawai, misali ƙasa da 100,000, daga 100,000 zuwa 180,000, da haka har sama, kowa ya zaɓi nasa tsakaninsa da Allah. Za a sami wanda zai sauko da kansa ƙasa. A bar shi. Asarar da za a yi a nan ba ta kai ɓarnar bin diddigin albashin mutane ba.

Lissafin kaso, inda aikin yake

Abin da mutum zai fara tunani shi ne kowa ya ba da kashi iri ɗaya na albashinsa, misali kashi 3 da rabi cikin ɗari. Wannan ya fi rabon daidai nesa ba kusa ba. Da shi, domin tara 120,000, na ƙasa zai ba da kusan 2,600, na biyu 4,200, na uku 7,300, darakta 12,500. Amma ni ban tsaya nan ba, ga dalili. Mudun shinkafa a Kasuwar Barci kuɗinsa ɗaya ne ga masinja da darakta. Mai keke Napep ba ya rage wa mutum kuɗi don yana mataki na 04. Akwai wani ɓangare na albashi da ba na mai shi ba ne tun kafin ya shigo, na ciki ne da na hanya. Kyauta daga abin da ya saura bayan wannan take fitowa, don haka a kan ragowar ya kamata a yi rabo.

Sai mu cire adadi ɗaya daga albashin kowane rukuni, mu kira shi kuɗin dole. Mu mun sa naira 50,000. Abin da ya rage: na ɗaya 25,000, na biyu 70,000, na uku 160,000, na huɗu 310,000. Yanzu a raba kowanne da na ƙasan, wato 25,000:

```
kaso = (albashi − 50,000) ÷ 25,000
```

Zai ba da 1, da 2.8, da 6.4, da 12.4. A daidaita su zuwa 1, 3, 6, 12. Ma'ana, duk naira ɗaya da na ƙasa ya ajiye, na biyu zai ajiye uku, na uku shida, darakta goma sha biyu. Sai a ƙirga kason ofis gaba ɗaya: mutum 8 sau 1 ya ba da 8, mutum 9 sau 3 ya ba da 27, mutum 5 sau 6 ya ba da 30, mutum 2 sau 12 ya ba da 24. Jimla kaso 89.

Wannan 50,000 ɗin ba doka ba ce, kwamiti ne ya ga ya dace, kuma ya kamata a san yadda take juya lissafi. In aka sa 40,000, rabon zai koma kusan 1, 2, 5, 9. In aka sa 60,000, zai haura zuwa 1, 4, 10, 20, wanda da wuya wani darakta ya karɓa da daɗin rai. Duk yadda kuɗin dole ya matsa kusa da albashin na ƙasa, haka nauyin ke tsananta a kan na sama. Abin da na ga yana zama lafiya shi ne kada ya wuce kashi biyu cikin uku na albashin rukunin ƙasa.

Saura tambaya ɗaya: kaso guda nawa ne? Wannan amsar ba ta bakin darakta za ta fito ba. Wakilin ƙananan ma'aikata shi zai zagaya cikin 'yan uwansa, ba a taro ba, a gindin bishiya ko wajen mai shayi, ya ji abin da za su iya ba tare da sun taɓa kuɗin mota ba. Direbanmu ya dawo ya ce mini, "Yallaɓai, dubu biyu wasu za su iya, amma dubu ɗaya da ɗari biyar kowa zai bayar bai ji ciwo ba." Muka ɗauki 1,500. A irin wannan wuri ƙaramin adadin ake ɗauka.

Daga nan komai ya fito da kansa. Na ɗaya 1,500, na biyu 4,500, na uku 9,000, na huɗu 18,000. Kaso 89 sau 1,500 ya zama naira 133,500. A lura, ya fi 120,000 ɗin da muka sha wuya a kanta a wancan karon, alhali dattijuwar nan da ta ba da 5,000 yanzu 1,500 ne nata.

Kafin a sanar, a yi gwaji guda: a raba abin da aka sa wa kowane rukuni da albashinsa. Namu ya ba da kashi 2, da kusan 4, da 4 da ɗan ɗori, da 5 cikin ɗari. Muna da ƙa'idar cewa kada a ɗora wa kowa, komai girmansa, fiye da kashi 5 na albashin wata. Da lissafin ya wuce haka a sama, da sai mu rage kuɗin kaso ko mu sauko da 12 zuwa 10. Manya ma suna da nasu nauyin, gidajensu cike suke da 'yan uwa da masu neman taimako, kuma tsarin da ya mai da su saniyar tatsa ba zai kai ritaya ta biyu ba.

A sami manya tun kafin a fitar da sanarwa

Mutum 7 na rukuni biyu na sama su ke ɗauke da kaso 54 cikin 89, wato kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin. Bai kamata su fara ganin adadinsu a takardar sanarwa ba. Na shiga ofishin kowannensu da takarda ɗaya a hannu. Ɗaya daga cikin daraktocin ta duba ta ce, "To Malam, albashina bai kai ninki biyar na masinja ba, yaya nawa ya zama ninki goma sha biyu?" Tambaya ce mai kyau, kuma duk mai haɗa irin wannan ya shirya mata. Na ce, "Ranki ya daɗe, in aka cire na abinci da mota, shi 25,000 ke rage masa, ke kuma 310,000. A kan wannan muka raba." Ta yi shiru kaɗan, ta ce a bar shi haka.

Ba kullum ake dacewa ba. Idan manya suka ƙi, akwai matsaya ta biyu: a koma rabo bisa albashi kai tsaye, wanda a ofishinmu zai zama 1, 1 da rabi, 3, 5. Da kaso na 1,500, kuɗin za su zama 1,500, da 2,250, da 4,500, da 7,500, jimla naira 69,750. Kyautar ta ragu kusan rabi, kuma a karɓi hakan. Abin da ba za a yi ba shi ne a ɗaga na ƙasa domin cike giɓin da na sama suka bari. Sau da yawa ma, in aka nuna wa manya lambobin biyu gefe da gefe, 133,500 da 69,750, su da kansu suke cewa a koma na farko.

Waɗanda ba sa cikin lissafi

Masu yi wa ƙasa hidima, ɗaliban da suka zo koyon aiki, ma'aikatan wucin gadi da ake biya a hannu, da wanda bai cika wata shida da zuwa ba, duk ba a sa musu adadi. In sun kawo wani abu a karɓa da godiya, in ba su kawo ba su ci su sha a walima kamar kowa. Haka wanda aka riƙe wa albashi, ko wanda ke jinya, ko aka yi masa rasuwa kwanan nan.

Akwai kuma wanda a takarda babba ne, amma bashin banki ya cinye rabin albashinsa. Saboda irinsa muke faɗa a sanarwa cewa kowa na da damar sauka rukuni ɗaya ƙasa, ya gaya wa ma'aji kawai, ba sai ya kawo dalili ba.

'Yan kwangila da masu kawo wa ofis kaya kuwa, kada a kai musu kwano ko kusa. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati neman kyauta ko karɓarta saboda aikin ofishinsa, kuma Baba mai sito shi ke karɓar kayan da waɗannan mutane ke kawowa. Bai dace a ɓata wa mutum shekara 35 a satinsa na ƙarshe ba.

Sanarwa da karɓar kuɗi

Sanarwar ta zama gajera. Tamu cewa ta yi: "Baba zai ajiye aiki a ƙarshen wata mai zuwa. Kwamiti na ba da shawarar gudummawa kamar haka, bisa matakin albashi. Shawara ce, ba dole ba. Mai son ƙarawa ya ƙara, mai son ragewa ya rage. Ma'aji da mutum ɗaya a kwamiti kaɗai za su san abin da kowa ya bayar." Sai adadin rukuni huɗu, da lambar asusu, da ranar rufewa.

Maganar "ba dole ba" sai an tsare ta da aiki, in ba haka ba baki ne kawai. Kada a fitar da jerin waɗanda suka biya, domin jerin waɗanda suka biya shi ne jerin waɗanda ba su biya ba. Kada a ce mutane su turo shaidar biya cikin zauren ofis, su tura wa ma'aji shi kaɗai. Abin da za a riƙa sanarwa shi ne jimla: "Zuwa yau an tara 86,000." Tuni kuma sau biyu ya isa, ga kowa gaba ɗaya, ba a bi mutum teburinsa ba. Kada kuma a roƙi akawu ya cire daga albashi kai tsaye, ko da an ce taro ya amince, domin a taro ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaga hannu ya ce a'a a gaban ogansa. Malamanmu suna karantar da cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunya bai cika wannan sharaɗi ba.

A buɗe karɓa ranar da albashi ya shiga, domin bayan kwana biyar kuɗin yawancin mutane ya riga ya kama gabansa. Tun da akwai wata uku, a ba da damar biya sau biyu, musamman ga mai 9,000 da mai 18,000. A kuma duba kalanda: watan azumi, gab da Babbar Sallah, Disamba, da watan Satumba na kuɗin makaranta, duk lokutan da aljihu ke kuka ne. In ritayar ta faɗo cikinsu, a tara kuɗin wata ɗaya kafin nan.

Wasu ƙananan ma'aikata sun fi son ba da kuɗi a hannu. Ma'aji ya riƙe ƙaramin littafi, ya rubuta a gaban mai bayarwa, mutum na biyu a kwamiti kuma ya riƙa duba littafin da saƙonnin banki duk mako. Sirri tsakanin mutum biyu ne, ba ɗaya ba, domin kare ma'ajin kansa daga zargi.

Akwai alamun da ke nuna adadin ya yi wa mutane yawa, ko da ba wanda ya ce komai. In mako guda ya wuce bayan albashi kuma rabin rukunin ƙasa ba su motsa ba, in mutane suka fara cewa "rubuta ni, zan kawo ƙarshen wata," ko aka ga mai gaishe ka kullum ya fara canza hanya in ya hango ka, to kaso ya yi tsada. A sassauta a lokacin, a sanar cewa abin da aka samu ya wadatar.

Kada a kashe abin da bai shigo ba

Ba a taɓa tara duka. Mu muna tsara kashewa a kan kashi 80 cikin ɗari na abin da ake sa rai, wato kusan 107,000 a wannan karon, kuma ba ma zuwa kasuwa sai an rufe karɓa. Ga yadda ta kaya: mutum biyu a rukuni na ɗaya ba su samu bayarwa ba, an rasa 3,000. Ɗaya a rukuni na biyu yana hutu bai turo ba, an rasa 4,500. Wani a rukunin ya ba da 3,000 maimakon 4,500. Darakta ɗaya kuma ya cika nasa zuwa 25,000. Abin da ya taru naira 131,500.

Sai maganar me za a saya, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ranar da mutum ya yi ritaya albashi ke tsayawa, kuɗin fansho kuwa yakan ɗauki watanni kafin takardu su kammala ya fara shigowa. A wannan tsakanin ba agogon bango yake buƙata ba. Mun tura wanda ya fi kusa da Baba ya ji ta bakinsa cikin hira, ya dawo ya ce ɗansa na ƙarshe na shirin shiga makarantar gaba da sakandare. Muka sa mafi yawan kuɗin a ambulan, naira 80,000. Muka sayi shadda da hula na 28,000 a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi domin ya sami abin da zai riƙe a hannu ya nuna wa iyali. Lemo da ruwa da cincin na walima 17,000, hoton 'yan ofis a firam da kati 5,000, kuɗin cirewa a wurin mai cirar kuɗi na bakin ƙofa 1,500.

A sa ido a kan walima, don ita ke cinye kyauta. Na ga inda aka kama zaure aka yi girki, aka kashe fiye da rabin kuɗin a cikin mahalarta, mai ritaya ya tafi gida da kofi mai ɗauke da sunansa. Ƙa'idarmu ita ce ci da sha kada su wuce kashi 15 cikin ɗari. In manya na son babban biki da kaji, su ɗauki nauyinsa daban, ko ofis ya yi daga kuɗinsa. Haka ankon da wasu ke son a ɗinka: ƙarin haraji ne a kan wanda aka riga aka sassauta wa, a bar shi.

A katin kuwa sunan kowa ke shiga, har waɗanda ba su bayar ba, a jere bisa harufa ba bisa muƙami ba, kuma babu adadi a gaban kowane suna. Wajen miƙawa a ce "daga dukkan ma'aikata". Wanda ya ƙara kuɗi a yi masa godiya a ofishinsa. In aka yi ta a lasifika, an dawo da abin da aka gudu tun farko. Mai son ba da tasa kyautar ta daban, saboda kusancinsa da mai ritaya, ya kai masa gida.

Cikin kwana uku bayan walima ma'aji ya fitar da bayani: abin da ya shigo a dunƙule, abin da aka kashe ɗaya bayan ɗaya, da hoton rasit. In an sami ragowa, ko naira 700 ce, a faɗi inda ta tafi. Mu mukan ƙara ta cikin ambulan tun kafin a rufe.

A rubuta tsarin, domin na gaba

Rashin adalci mafi ciwo ba a cikin karo-karo ɗaya yake ba, sai an jera biyu ake ganinsa. Darakta zai tafi, a tara kuɗi masu yawa har da na masinja a ciki. Masinjan zai tafi bayan wata shida, a zagaya da ambulan ranar Alhamis a ba shi abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Shi ya ba da nasa lokacin na sama, na sama ba su rama ba. Saboda haka muka rubuta a takarda guda, kowa ya gani, cewa kuɗin kaso ɗaya ne ko wa zai tafi: 1, 3, 6, 12, a kan 1,500, sai in albashi ya canza a sake zama. In ana son bambanci, a danganta shi da shekarun da mutum ya yi a ofishin, misali wanda bai kai shekara biyar tare da mu ba a yi masa rabin kaso, amma ba da muƙaminsa ba.

Mun kuma sa iyaka ta shekara. Waɗanda aka ɗauka aiki tare sukan cika shekara 35 tare, sai ka ga mutum uku ko huɗu sun tafi a shekara guda. Akawu na iya faɗin wannan tun watan Janairu daga jerin ma'aikata. In sun wuce biyu, kuɗin kaso na sauka zuwa 1,000 ga kowannensu, wato 89,000 a takarda, kuma a haɗa walimarsu wuri ɗaya domin kuɗin lemo ya koma cikin ambulan.

Dattijuwar nan mai shara ita ce ta biyo bayan Baba a jerin masu tafiya. Da aka zo nata, ba a yi wani sabon zama ba. Ma'aji ya ɗauko takardar, ya canza suna da ranar rufewa, ya fitar da sanarwa ranar da albashi ya shiga. Direbanmu ya je ya ji ta bakinta, ta ce in da hali tana son jarin sayar da gawayi da itace a ƙofar gida, don haka ba mu sayi atamfa ba sai turmi ɗaya, sauran duka muka sa mata a ambulan.